Allurar Tsinka Jini Ta Ciki: Don Allah A Daina Murza Wurin

Ni nas ce, nan Sakkwato nike aiki, kuma kusan duk sati sai an sallami wani daga ɗakinmu da kwalin wagga allura a leda an ce shi je gida shi ci gaba. Daga nan waya ba ta hutawa. Tambayoyin dai su ne su ne, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Abin da likitanki ya rubuta miki shi ke gaba da duk abin da ke nan, ni hannu da yadda ake tsira allurar nike magana kai.

Wai wace allura ce wannan, kuma mi ya sa anka ba ni ita?

Wadda aka fi badawa nan ita ce enoksafarin, a jikin kwalin sau da yawa za ki ga an rubuta Clexane, mu a asibiti kilezen kawai muke ce mata. Dangin hefarin ce, wani maganin hana jini daskarewa. Mutane na cewa maganin tsinka jini, amma gaskiya ba ruwa take maida jinin ba, jinkirta daskarewarshi take yi don kada guda ya taru cikin jijiya, musamman jijiyoyin ƙafa, don in gudan nan ya ɓalle huhu yake nufa kuma wannan shi ne abin tsoron. Ana bada ta ga wadda anka yi wa siyas, wanda ya karye a cinya ko ƙugu yana kwance, mai ciki da ta taɓa samun gudan jini, da wanda ƙafarshi guda ta riga ta kumbura an yi hoto an ga gudan. Tana zuwa a sirinji da an riga an ɗura maganin, da ɗan gajeren tsinke siriri a manne, ba ruwanki da zuƙowa daga kwalba.

Tun muna yara in an yi allura murzawa ake don maganin shi watsu. Mi ya sa wannan anka ce kar a murza?

To nan ne gizo ke saƙar. Allurar da munka saba da ita ta ɗuwawu ce, cikin tsoka take shiga, kuma daga can al'adar murzawa ta samo asali, hannun mutum har ya saba, ana zare tsinke yatsa ke kai kanta wurin. Wagga kuwa cikin kitsen da ke ƙarƙashin fatar ciki ake ajiye ta, kuma so ake ta zauna nan jiki shi riƙa ɗaukarta sannu a hankali cikin awanni. Ba ta buƙatar taimakon kowa wajen watsuwa.

Yanzu ki duba abin da ke faruwa a wurin. Tsinken komai sirantarshi sai ya yanka ƙananan jijiyoyin jini a hanyarshi ta shiga, waɗanda ido ba ya gani. A allurar yau da kullum ba komai, jinin ke toshe su da kanshi nan take. Amma nan kin zuba maganin hana jini daskarewa daidai bakin jijiyoyin da anka yanka, kuma a duk jikinki babu inda maganin ya kai yawan da yake da shi a wannan ɗan wurin a wannan lokacin. In kin bar shi ya lafa, ɗan toshin da jiki ya fara yi sai shi riƙe. In kin murza kuwa abu uku kin yi a tare: kin ɓare toshin, kin ƙara fasa wasu jijiyoyin da yatsa, kuma kin baza maganin zuwa inda bai kai ba da. Sai jini shi yi ta tsattsafa a ƙarƙashin fata ba mai tsayar da shi, gobe ki wayi gari da baƙin tabo faɗin tafin hannu ko ƙullutu mai tauri mai ciwo.

Kuma ba maganar kyan fata ce kaɗai ba. Wurin da jini ya kwanta ba a sake tsira allura a kai, to wadda za ta yi sati 6 tana allura kullum in ta ɓata cikinta a satin farko ina za ta riƙa yi? Na ga waɗanda sunka daina maganin gaba ɗaya saboda cikin ya yi musu ciwo ko'ina, alhali gudan jinin da ake gudu yana nan yana jira.

To in ban murza ba mi zan yi da hannuna? Wallahi wurin na raɗaɗi.

Yana yi, ba zan miki ƙarya ba, kamar harbin ƙaramar rina na ɗan mintuna sannan shi wuce. Ki zare tsinken a miƙe yadda ya shiga, ki saki fatar, shi ke nan. In ɗigon jini ya fito ki ɗora busasshiyar auduga ki danna a hankali ki tsaya cak minti ɗaya ko biyu, yatsar ba ta zagayawa ba ta gogawa. Dannawa daban murzawa daban. Ni abin da nike cewa mutane shi ne a ɗora yatsa kamar yadda ake dangwala wa takardar zaɓe, a ɗora a ɗauke.

In raɗaɗin na damunki sosai ki naɗe ƙanƙara ko ledar fiya wata mai sanyi cikin tsumma mai tsabta ki ɗora kan wurin kamar minti 5 kafin allurar, za ki iya maimaitawa bayan an gama, ɗorawa kawai ba shafawa. Sanyi na tsuke jijiyoyin. Zafi kuwa buɗe su yake, za mu zo kanshi.

Daidai ina ne a cikin ake yi?

Ki nemi cibiya ki matsa gefe aƙalla santimita 5, wato wajen faɗin yatsu uku, dama ko hagu, har zuwa wajen kwiɓi inda nama ke kamuwa. Yau dama gobe hagu, kuma ko a gefe ɗaya kada ki koma ramin shekaranjiya, ki ɗan gusa. Ki kauce wa tabon aiki, wurin da jini ya riga ya kwanta, ƙurji, da duk inda kika ga jijiya ta fito raɗau. Abin da takardar cikin kwali ba ta faɗa ba kuma mu muka sani shi ne layin ɗaurin zane da mazagin wando. In kin yi allura daidai inda kike tamke zane, to zanen ne zai yini yana murza miki wurin kina tafiya kina duƙawa, kin bi doka da hannu zane ya karya ta. Ki yi sama ko ƙasa da layin, maza ma haka, bel da tazuge duk ɗaya.

Ki ɗan faɗa min yadda ake yi tun daga farko.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki zauna ki ɗan kishingiɗa da filo a baya yadda kina ganin cikinki, ko ki kwanta in wani zai miki. Ki share wurin da audugar sifirit sau ɗaya a hankali ko ki wanke da ruwa da sabulu, sannan ki bari shi bushe sarai, don sifirit ɗin da bai bushe ba shi ke bin tsinke shi ƙara raɗaɗi. Ki cire murfin tsinken a miƙe. Da babban yatsa da manuniya ki tattaro fatar ta tashi kamar ninki, ba mintsini mai zafi ba, kamawa dai mai kyau. Dalilin wannan ninkin shi ne ɗaga kitse shi rabu da tsokar da ke ƙasa.

Ki riƙe sirinjin kamar biro ki tsira shi a tsaye cak, ba a karkace ba, tsinken duka shi shige cikin ninkin. Kada ki ja sandar baya wai ki ga ko jini zai fito, wannan na wata allurar ne, nan motsa tsinken kawai zai yi shi ƙara ɓarna. Ki tura maganin sannu, ni ina cewa a ƙirga har 30 a zuci, ɗan mitsitsin ruwa ne amma gaggawar turawa na daga cikin abin da ke kawo tabo. In ya ƙare ki dakata ki ƙirga 10, sannan ki zare, kuma duk tsawon lokacin nan hannunki na riƙe da ninkin, sai tsinke ya fita za ki saki. Masu sakin fata a tsakiya su ne tsinken ke taɓa musu tsoka.

Akwai iska a cikin sirinjin. Ba a ce iska na kashe mutum ba?

Wannan tambayar maza sun fi yin ta, musamman wanda ya taɓa zama a kemis. Kada a fitar da ita. Da gangan anka bar kumfar nan, in kin juya tsinke ƙasa sai ta hau sama wajen sandar, ita ce ke shiga ƙarshe ta tura ragowar maganin duka. Iskar da ake tsoro mai yawa ce cikin jijiya, wannan 'yar kaɗan ce a cikin kitse, jiki ke shanye ta. Wanda ya tsaya fitar da ita yana zubar da magani, kuma yana jiƙa tsinken da shi, sai tsinken shi shafa maganin a duk hanyar da ya bi cikin fata, tabo ke nan. In kin ga ɗigo a bakin tsinke ki juya shi ƙasa ki ɗan ƙwanƙwasa jikin sirinjin ɗigon shi faɗi, kada ki share da auduga ko yatsa.

Inda kawai ake zubar da wani abu shi ne in adadin da anka rubuta bai kai cikin sirinjin ba. Misali mai kilo 70 da ake yi wa maganin gudan da ya riga ya taru, ana lissafa miligiram 1 ga kowane kilo sau biyu a rana, miligiram 70 ke nan, sirinjin kuwa na 80 ne, to sai an rage shi zuwa layin 0.7. Wannan kam kada a bar asibiti sai nas ta nuna da hannunta an gani.

Na haihu ta siyas, Inna ta ce dole a yi wankan jego a gasa min ciki. Ya zan yi da ita?

Wannan ita ce babbar matsalarmu, bari in ba ki labarin wata da na bi lamarinta. Yarinya ce haihuwar fari, kilo 68, an yi mata siyas an sallame ta da miligiram 40 sau ɗaya a rana har kwana 10. Mijin ya koya da kyau, a gabana ya yi ta farko ba kuskure. Uku na farko a gida ɗan ɗigon baƙi ne kawai kamar ƙwayar wake. Rana ta huɗu ta koma gidansu wanka. Mijin ya zo da safe ya yi allurar ya wuce kasuwa, ba a yi rabin awa ba anka kira ta bayi, tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro ana fyaɗawa, an kauce wa ɗinkin dai amma gefe da gefe sun sha, da anka fito ta ce wurin allurar na mata zafi sai mahaifiyar ta lakato man zafi ta murje mata shi da kyau, cikin tausayi, sannan anka tamke cikin da ɗankwali wai shi koma.

Kwana biyu ana haka, rana ta shida sunka zo min. Gefen dama baƙi ƙirin ya fi tafin hannuna faɗi, a tsakiya ƙullutu kamar ƙwan zabo, hagu ma ya fara. An auna jininta da bugun zuciya lafiya lau, likita ya duba ya ce a cikin kitse jinin ya tsaya bai shiga tsoka ba, maganin kuma ba a dakatar ba. Na zagaye tabon da biro don mu ga ko zai ƙetare layin, na maida allurar can sama wajen kwiɓi inda fata ke da lafiya, munka maida lokacin zuwa bayan isha'i a hankali yadda likita ya tsara, don shi yi nisa da wanka. Sannan na zauna da uwar. Ban ce mata al'adarku banza ce ba, da na faɗi haka na rasa ta. Cewa na yi, Inna, wankan ku yi da ruwa mai ɗumi wanda hannunki zai iya zama ciki, a zuba a kafaɗa da baya, amma cikin nan ki bar min shi kwana huɗu kacal, ba ganye ba tsumman gashi ba mai ba ɗauri. Ta ce to 'yar nan, ai da an faɗa min. Kuma gaskiyarta, mijin anka koya wa, ita da ke riƙe da mai jegon ba wanda ya ce mata uffan. Sauran allurai huɗu ba tabon kirki, babban kuwa sai da ya kwashe fiye da sati biyu kafin shi baje.

Tun daga nan in zan koyar sai na tambayi wa zai yi wankan, a kira min ita. Ke ma in kin san maganarki ba za ta shiga ba, ki zo da Inna asibiti a faɗa mata a gabanki, ko ki sa nas a waya. Bakin mai farin kaya ya fi na ɗiya tasiri a wannan wurin.

Na manta na murza. Maganin ya lalace ke nan, in sake wata?

A'a, kada ki sake. Maganin na jikinki yana aiki, abin da kika jawo tabo ne. Ki ɗora sanyi, ki bar wurin, gobe ki yi a ɗaya gefen.

Ta ya zan gane tabon da ba komai da wanda ke da haɗari? Ni fatata baƙa ce ban ma ganin komai.

Hotunan da ke cikin takardun magani na farar fata ne, shuɗi da ja da kore, mu kuwa sau da yawa wurin ƙara duhu kawai yake yi, wani lokacin sai a hasken rana ko da tocilan waya za a gani. Don haka ki dogara da taɓawa, a hankali, tafin yatsu a ɗora ba a matsa ba. Ɗan tabo kamar girman kwabo, ɗan ƙullutu kamar gyaɗa da ke ciwo sai an taɓa, wannan kusan kowa na samu ko da an bi ƙa'ida duka, kuma cikin sati ɗaya zuwa biyu yake wucewa. Dabarar biro tana da amfani, ki zagaye shi yau, gobe ki duba.

Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne tabon da ke ƙetare layin yana ƙaruwa kina gani, ko ciwon ciki mai tsanani a gefe ɗaya da kumburi mai tauri can ciki wanda ke ƙaruwa in kin yi tari ko kin yunƙura za ki tashi zaune. Wannan na iya zama jini ne ke zuba cikin tsokar bangon ciki, yana faruwa in tsinke ya wuce kitse, an fi ganinshi ga tsofaffi da ramammu da masu yawan tari, kuma jini mai yawa na iya ɓuya a wurin. In ya haɗu da jiri, zufa mai sanyi, bugun zuciya da sauri ko cikin ido ya yi fari, a nemi mota nan take a tafi imajensi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Sifeshalis ko duk babban asibitin da ya fi kusa, da kwalin maganin a hannu da lokacin da anka yi ta ƙarshe. Akwai maganin da ke rage ƙarfinta, furotamin, amma sai an san yaushe anka yi da nawa.

Haka nan haɓon da ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, amai da jini, jinin biƙi da ya dawo da ƙarfi da gudaji, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko faɗuwa a buga kai ko da ba a ga rauni ba. Wani kuma da mutane ba su sani ba: in wurin allurar ya yi ja ko duhu mai zafi sannan fatar ta fara mutuwa tana zama gyambo, galibi daga rana ta 5 zuwa sama, kada a yi ta gaba sai likita ya gani, don yana iya zama jiki ne ya yi gaba da maganin har ƙwayoyin toshe jini sunka ragu, gwajin jini ke nunawa.

Ina da ciki wata 7. Tsinken ba zai taɓa yaron ba?

Ba zai kai ba. Tsawonshi santimita ɗaya da 'yan kai ne, kuma cikin ninkin da kika ɗaga yake shiga, tsakaninshi da yaro akwai sauran kitse, tsoka da bangon mahaifa. Maganin kanshi ba ya ƙetara mabiyiya, shi ya sa ake zaɓarshi ga masu ciki maimakon ƙwayar wafarin, mai shayarwa ma ba matsala. In ciki ya tsufa gaba ya yi tamau fatar ba ta kamuwa, ki koma can gefe wajen kwiɓi, in nan ma ya ƙi ki tambayi nas ta nuna miki gefen cinya ta waje. Abin da nike so ki riƙe shi ne, da kin ji naƙuda ko faya ta fashe ko kin ga jini, kada ki yi ta gaba, ki tafi asibiti ki faɗi ƙarfe nawa kika yi ta ƙarshe. Allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya don siyas tana buƙatar tazarar aƙalla awa 12 daga ƙaramin adadi na kariya, awa 24 daga babban adadi na magani.

Wurin na ciwo, zan iya shan maganin ciwon jiki?

Farasitamol, eh. Diklofenak, ibufurofen, feldin, asfirin da Alabukun a'a, sai in likitan da ya san kina kan allurar ne ya rubuta da kanshi, don duk suna ƙara zubar jini. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis wai na gajiya, ba ki san mi ke ciki ba, ki bar shi. Kuma duk mai son yi miki allurar ɗuwawu ki faɗa mishi kina kan tsinka jini. Ƙaho, tsaga, cire haƙori, duk a jinkirta sai an yi magana da likita, wanzami ba shi da abin tsayar da jinin in ya ɓalle.

Wanka da sallah fa?

Ki yi wankanki, sai dai soso kada shi bi ta wurin, in za ki tsane jiki ki ɗora tawul ki ɗauke. Ruku'u da sujada ba sa komai. Mai da kike shafawa a jiki ma ki tsallake wurin allurar ranar, ba don man ba, don shafawar.

Lokaci ya wuce ban yi ba.

In kin tuna ki yi, amma kada ki haɗa biyu don rama wadda ta wuce. In har an kusa lokacin ta gaba, ko kina cikin masu yi sau biyu a rana, ki kira wanda ya rubuta miki shi gyara miki lokacin. Ki haɗa ta da wata sallah ko ki sa alam, kuma ki riƙa rubutawa a bayan kwalin, rana da gefen da anka yi, don rana ta bakwai ba mai tuna jiya dama ce ko hagu. Masu ciwon ƙoda su kam adadinsu daban ne, maganin ta ƙoda yake fita, in ba ta aiki sosai sai shi taru a jiki, don haka kada wani shi ari lissafin wani.

Da zafin garin nan ina zan ajiye ta?

Kwalin cewa ya yi kada shi wuce digiri 25 kuma kada shi daskare, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ɗakin kwano da rana ba a magana. Ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa kusa da randa ko tulu, cikin roba mai murfi don kada ruwa shi taɓa, nesa da taga da hannun yara. Kada a bar ta cikin mota ko but ɗin mashin. Firiza haram, in ta taɓa zama ƙanƙara ta tashi aiki. Maganar firij ki karanta takardar kwalinki ko ki tambayi mai famasi, don kamfanoni sun bambanta. In za ki iya, ki riƙa sayen na 'yan kwanaki maimakon ki jibge na wata guda a ɗaki mai zafi. Ruwan cikin sirinjin garau yake ko ɗan rawaya-rawaya, in kin ga ya yi gurɓi ko da wani abu na yawo ciki kada ki yi da shi.

Sirinjin da anka gama da shi, bola zan jefa?

A'a, yara na tonon bola, awaki ma haka. Ki samu jarka ko gwangwanin madara mai murfi ki riƙa jefawa ciki da zarar kin zare, ba sai kin tsaya maida murfin tsinken ba don nan ne ake sokewa. Wasu sirinjin in kin danna sandar har ƙarshe wata roba ke fitowa ta rufe tsinken da kanta, kada ƙarar ta firgita ki. In jarkar ta kusa cika ki rufe ki zo mana da ita ranar da za ki dawo ganin likita, akwai inda muke zubawa.